Darasi: Yadda Ake Neman Kuɗin Aikin Ƙari

A wannan darasi za mu koyi yadda ma'aikaci zai nemi kuɗin aikin ƙari da ba a biya shi ba. Aikin ƙari shi ne aikin da aka sa mutum ya yi bayan lokacin tashinsa ya cika, ko kuwa a ranar da ya kamata ya huta. Da yawa daga cikinmu, in an gama aikin gona, mukan tafi neman kuɗi a wurin gini, ko injin casar shinkafa, ko gidan burodi, ko kuwa mu yi gadi. A irin waɗannan wurare ne zancen aikin ƙari ya fi tasowa.

Mutum ya kan je wurin maigidansa ya ce, "Ranka ya daɗe, na sha aiki a watan nan, a duba ni." Maigida kuwa sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya miƙa masa na goro, shi ke nan magana ta mutu. Me ya sa ta mutu? Domin mai nema bai faɗi abin da yake bi ba. Roƙo ya yi, alhali kuwa bashi yake bi. Mai bin bashin aikin ƙari lalle ne ya nuna abu uku: awa nawa ya yi, nawa aka shirya za a biya shi a kan kowace awa, kuma nawa ne jimla. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, sauran biyun ba za su tsaya ba.

Abin da doka ta ce

Bari mu fara da doka, kaɗan ba da yawa ba. A Nijeriya akwai Dokar Ƙwadago. Sashe na 13 na wannan doka ya ce awoyin aiki na kullum su ne waɗanda ma'aikaci da mai ba da aiki suka shirya tsakaninsu, ko waɗanda ƙungiyar ma'aikata ta shirya da masu ba da aiki, ko waɗanda hukumar tsai da albashi ta yanka. Duk awoyin da aka sa mutum ya yi bisa waɗannan, aikin ƙari ne.

Amma ku lura da wannan da kyau. Dokar ba ta yanka kuɗin awar ƙari ba. Ba ta ce naira kaza ba, ba ta kuma ce a ninka ba. Ta bar wannan ga shirin da aka yi tsakanin mutum da maigidansa. A wurare da yawa an saba biyan kuɗin awa ɗaya da rabi a kan kowace awar ƙari, a ranar hutu kuma a ninka. Wannan al'ada ce mai kyau, amma ba za ka je ka ce doka ce ta ba ka ba. Abin da kuka shirya shi ne naka.

Saboda haka takardar ɗaukar aiki take da amfani ƙwarai. Sashe na 7 na dokar ya ce kafin wata 3 ya wuce daga ranar da mutum ya fara aiki, mai ba da aiki ya ba shi takarda wadda ta nuna irin aikinsa, da albashinsa, da yadda ake lissafa shi, da awoyin aikinsa. In an ba ka wannan takarda, kada ka naɗe tsire da ita. Sa ta cikin leda ka ajiye a adaka. In ba a ba ka ba, ka tambaya da ladabi tun kuna shiri da maigida, kada ka bari sai ranar da rai ya ɓaci.

Awa nawa ka yi?

To, bari mu ɗauki misali. A ce akwai wani mutum, mu sa masa suna Audu, yana aiki a wani injin casar shinkafa. Takardarsa ta ce ya fara aiki da ƙarfe 7 na safe, ya tashi da ƙarfe 4 na yamma, daga Litinin zuwa Asabar. A tsakani yana da hutun awa 1 domin salla da cin abinci. Daga 7 zuwa 4 awa 9 ke nan, in aka cire awar hutu, saura awa 8. Waɗannan awa 8 su ne aikinsa na kullum, albashinsa na wata ya riga ya biya su. Ranar Lahadi ita ce ranar hutunsa.

Da kaka ta yi, shinkafa ta cika wurin, sai heluma ya riƙa cewa, "Audu, yau kada kowa ya tafi sai an gama buhunan nan." Audu kuwa ɗan ajin yaƙi da jahilci ne, yana da ɗan littafi a aljihu. Kowace rana kafin ya kwanta sai ya rubuta abu huɗu: kwanan wata, lokacin da ya tashi daga aiki, awoyin ƙari, da wanda ya sa shi ya tsaya. Ga abin da ya rubuta a makon farko na watan Nuwamba, 2025.

Litinin, 3 ga wata: na tashi ƙarfe 6. Ƙari awa 2. Heluma ya sa.
Talata, 4 ga wata: na tashi ƙarfe 6. Ƙari awa 2. Heluma ya sa.
Laraba, 5 ga wata: na tashi ƙarfe 4. Babu ƙari.
Alhamis, 6 ga wata: na tashi ƙarfe 7. Ƙari awa 3. Manaja ya sa.
Jumma'a, 7 ga wata: na tashi ƙarfe 4. Babu ƙari.
Asabar, 8 ga wata: na tashi ƙarfe 6 da rabi. Ƙari awa 2 da rabi. Heluma ya sa.

Mu tara su tare. 2 da 2 huɗu, da 3 bakwai, da 2 da rabi, tara da rabi. Watau a makon farko Audu ya yi ƙarin awa 9 da rabi.

Akwai wani kuskure da 'yan aji kan yi wajen ƙirga awoyi, kuma mun gan shi sau da yawa a kan allo. In aka ce daga ƙarfe 4 zuwa ƙarfe 7 awa nawa ne, sai mutum ya ɗaga yatsu ya ce huɗu, biyar, shida, bakwai, ya ga yatsu huɗu, ya ce awa 4. A'a, awa 3 ce. Ƙarfe 4 mafari ne, ba a yi kome ba tukuna. Sai agogo ya kai 5 sa'an nan awa ɗaya ta cika. Hanya mai sauƙi ita ce ka debe 4 daga 7, saura 3. Kada ku raina wannan kuskure. In akawu ya kama awa ɗaya ta ƙarya a cikin lissafinka, sai ya daina yarda da sauran duka.

Me ya sa Audu yake rubuta har ranakun da bai yi ƙari ba? Domin littafin da ya faɗi gaskiya a ranar babu, shi ake gaskatawa a ranar akwai. Me ya sa kuma yake rubuta wanda ya sa shi? Domin aikin ƙari shi ne wanda aka sa ka. In kai ne ka zauna kana jiran mai babur, ko kana hira da maigadi har magariba, wannan ba aikin ƙari ba ne, kada ka rubuta shi.

In wurin aikinku akwai tankifa, ko akwai rajista da ake sa hannu a bakin ƙofa, to, ka tabbata lokacin da ka rubuta a littafinka ya yi daidai da na rajista. Kada ka sa hannun tashi da ƙarfe 4 sa'an nan ka koma ciki ka ci gaba da aiki, ko da an ce maka ba kome. Ranar gardama rajistar nan za a buɗe, ita kuwa ƙarfe 4 za ta ce. Abin da ya fi kyau shi ne a ƙarshen kowane mako ka kai wa heluma littafinka ya duba, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In ya ƙi, abokin aikinka wanda kuka tsaya tare ya sa.

Haka Audu ya yi ta rubutawa har wata ya ƙare. Mako na biyu awa 11, mako na uku awa 8 da rabi, mako na huɗu awa 7. Rabi da rabi sun zama awa ɗaya, saboda haka jimlar makon huɗu awa 36 ke nan. Ban da wannan, an kira shi aiki ranar Lahadi sau biyu: ran 9 ga wata ya yi awa 5, ran 16 ga wata ya yi awa 4. Waɗannan awa 9 ya rubuta su a shafi dabam, domin kuɗinsu dabam ne.

Nawa aka shirya?

Yanzu mu zo ga abu na biyu. Albashin Audu naira 83,200 ne a wata. Takardarsa ta ce ana lissafa wata da kwanan aiki 26, kuma awar ƙari kuɗin awa ɗaya da rabi ce, ranar hutu kuwa ninki biyu. To, kafin mu san kuɗin awa ɗaya da rabi, sai mun san kuɗin awa ɗaya.

Raba 83,200 gida 26. Kowane gida ya sami 3,200. Wannan shi ne ladan yini ɗaya.
Raba 3,200 gida 8, domin aikin yini awa 8 ne. Kowane gida ya sami 400. Wannan shi ne ladan awa ɗaya.
Rabin 400 shi ne 200. Tara 400 da 200, ka sami 600. Wannan shi ne kuɗin awar ƙari.
Ninka 400, ka sami 800. Wannan shi ne kuɗin awa ɗaya ta ranar hutu.

A nan ma gardama kan tashi. Wani akawu zai raba albashi gida 30, ya ce ai kwanan wata 30 ne. In an raba gida 30, ladan yini ya ragu, ladan awa ya ragu, kuɗin ƙari duka ya ragu. Shi ya sa muke cewa a duba takarda. In ba ta faɗi kwana nawa ake lissafawa ba, ka tambayi akawu tun kafin ka yi naka lissafin, ka rubuta amsar da ya ba ka.

To, wanda ba shi da takarda fa, da baki aka yi magana? Wannan bai rasa hakkinsa ba, amma aikinsa ya fi wuya. Sai ya tuna wa ya faɗa masa kuɗin, yaushe, kuma a gaban wa. Sai kuma ya duba ko an taɓa biyansa a wani wata da ya wuce. In a bara an biya shi naira 6,000 a kan awa 10, to, wannan ya nuna 600 ake biya a awa. Takardar biyan albashi, ko saƙon banki da ya shigo cikin waya, duk shaida ne, kada a share su. In kuwa ba a taɓa yin zancen kuɗin ƙari ba sam, kada mutum ya yanka wa kansa farashi ya ce lalle shi za a biya. Ya kai awoyinsa a rubuce, ya nemi a zauna a shirya.

Game da ranar hutu akwai abin da ya kamata ku sani. Doka ta ce a cikin kowane kwana 7 ma'aikaci yana da hutun yini ɗaya, awa 24 a jere. In an ci masa wannan hutu, mai ba da aiki yana da zaɓi biyu: ko ya rama masa hutun a cikin kwana 14, ko ya biya shi da kuɗin aikin ƙari. Saboda haka da a ce an ba Audu hutu ranar Talata a madadin Lahadin da ya yi aiki, da ba zai sa wannan Lahadin cikin lissafi ba. Ba a rama masa ba, don haka ya sa.

Nawa ne jimla?

Wannan shi ne mafi sauƙi, in na farko da na biyu sun tsaya daidai.

Awa 36 sau naira 600, naira 21,600.
Awa 9 sau naira 800, naira 7,200.
Tara su, naira 28,800.

Amma da saura. Ran 22 ga wata manaja ya ba Audu naira 5,000 a hannu, ya ce, "Riƙe wannan tukuna." Shin kyauta ce, ko kuwa kafin alƙalami ne daga kuɗin ƙari? Manaja ya ce "tukuna", watau akwai ciko a baya. Audu ya rubuta kuɗin a littafinsa a ranar, kuma ya debe su daga jimla. Mu a ganinmu ya yi daidai. Da ya ɓoye, da manaja ya tuna, sai a bar zancen bashi a koma zancen rashin gaskiya.

Debe 5,000 daga 28,800, saura naira 23,800. Wannan shi ne abin da Audu yake bi.

Wasiƙa

Ranar biyan albashi ta zo, aka ba Audu albashinsa cif, ba kuɗin ƙari. Bai ta da murya ba. Ya sami akawu ya ce, "Malam, ko an manta da kuɗin ƙarin watan jiya?" Akawu ya ce, "Wallahi, Audu, ba a ba ni lissafinsa ba." Ya jira mako ɗaya, shiru. Sa'an nan ya zauna ya rubuta wannan wasiƙa.

8 ga Disamba, 2025

Zuwa ga Manaja,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tunatar da kai kuɗin aikin ƙari da na yi a watan Nuwamba, 2025, wanda ba a biya ni ba tukuna.

Na yi ƙarin awa 36 a ranakun aiki, a kan naira 600 kowace awa, naira 21,600. Na yi awa 9 a ranakun Lahadi, 9 da 16 ga wata, a kan naira 800 kowace awa, naira 7,200. Wannan farashi shi ne yake cikin takardar ɗaukata aiki. Jimla naira 28,800. Na karɓi naira 5,000 ran 22 ga Nuwamba. Abin da ya rage naira 23,800.

Na haɗa da kwafin lissafin kowace rana, da sa hannun heluma. Ina roƙo a duba, a biya ni kafin ran 22 ga Disamba. In akwai inda lissafina ya saɓa da na ofis, a kira ni mu daidaita.

Ni ne ma'aikacinka,
Audu

Ku sake karanta wasiƙar nan. Ba zagi a ciki, ba barazana, ba kuma labarin cewa yara ba su da lafiya ko hatsi ya ƙare a rumbu. Ko da gaskiya ne, ba shi ne dalilin biya ba. Dalilin biya shi ne aikin da aka yi. Ku ga kuma ya sa ranar da yake son a biya shi. Wasiƙar da ba ta da rana ta kan kwana cikin aljihun tebur.

Audu ya yi kwafi biyu. Ya miƙa ɗaya, ya roƙi akawu ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayan, alamar an karɓa, ya koma da shi gida. Littafinsa kuwa bai bayar ba. Kwafi ya bayar. In ka ba da littafin kansa ya ɓace a ofis, shaidarka ta tafi.

In aka ƙi biya

Sau da yawa magana a nan take ƙarewa, domin mai ba da aiki in ya ga lissafi a fili ya kan biya, ko ya ce a rage awa ɗaya ko biyu da rajista ba ta nuna ba. In ya kawo shaida mai kyau a kan haka, a karɓa. In an biya wani sashe, ka rubuta "na karɓi naira kaza, saura naira kaza" kafin ka sa hannu. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba, ko ba a karanta maka ba, domin wata ta kan ce ka karɓi hakkinka duka.

In ranar ta wuce ba amsa, sai a sake rubuta wasiƙa ta biyu gajeriya, a ambaci ta farko. In wurin aikinku akwai ƙungiyar ma'aikata, ka kai wa wakilinta. Daga nan sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiharku. Jami'an ƙwadago suna iya kiran mai ba da aiki, su duba littattafansa, su sasanta ku. Doka ta wajabta wa mai ba da aiki ya ajiye rajistar albashin ma'aikatansa har shekara 3, amma kai kada ka jira haka. Heluma ya kan canja wurin aiki, abokan aiki su kan koma ƙauyensu da damina, sai ka nemi mai shaida ka rasa.

Mataki na ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, shari'ar albashi da hakkin ma'aikaci a hannunta take. Alƙalin wannan kotu ba zai ba ka kuɗin ƙari a kan ƙiyasi ba. Zai tambayi ranaku, da awoyi, da inda aka shirya farashi, watau abu ukun nan da Audu ya rubuta. Amma shari'a tana cin lokaci, tana kuma cin kuɗin mota. A kan naira 23,800 mutum ɗaya ba zai so ya kai can ba. In ku goma ne kuke bi, kowa da littafinsa, kuma watanni sun taru, to, wannan wata magana ce, sai ku nemi shawarar lauya tare.

Aikin aji

1. Daga ƙarfe 4 na yamma zuwa ƙarfe 8 da rabi na dare, awa nawa ne?
2. Binta tana aiki a gidan burodi. Ladan yininta naira 4,000 ne, aikin awa 8. Nawa ne ladan awa ɗaya? In an shirya awa ɗaya da rabi, nawa ne kuɗin awar ƙari?
3. Binta ta yi ƙarin awa 12, an ba ta naira 3,000. Nawa take bi?
4. An kira Tanko aiki ranar hutunsa, aka rama masa da hutun yini ɗaya bayan kwana 3. Zai sa ranar cikin lissafinsa? Don me?
5. Kowa ya ja layi huɗu a littafinsa, ya rubuta a kai: kwanan wata, lokacin tashi, awoyin ƙari, wanda ya sa. Ku cika na mako ɗaya, sa'an nan ku rubuta wa Binta wasiƙarta, ku kawo wa malami a darasi mai zuwa.